Ragon suna da sunayena huɗu

Ranar Alhamis da asuba uwargida ta sauka lafiya, namiji. Kafin azahar labari ya kai Agadas wurin ƙanena, ya kira ni yana murna kamar shi aka haifa wa. "Yaya, rago nawa ne, kada ka saya da kuɗinka. Ka sauke manhajar nan da nake aiki da ita, in turo maka jika tamanin." Na ce to, Allah ya yi albarka. Ni tela ne a unguwar Zariya da ke Maraɗi, abin da na sani keke da almakashi, amma wa zai ce a'a ga jika tamanin?

Ranar Asabar bayan magariba na zauna bakin shago na sauke ta. Ta nemi lambar wayata, na sa lambobi takwas ɗin, aka aiko da kod, na shigar. Asusu ya buɗe. Ba a yi minti goma ba waya ta yi ƙara: 80 000 F. Na ga kuɗina da idona, har na fara lissafin ƙahon ragon. Sai da na taɓa wurin cirewa ta ce a'a, sabon shiga ne ni, sai na tabbatar da cewa ni ne ni: in rubuta sunana, in ɗauki hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, sannan in ɗauki fuskata.

Na yi dariya. Shekarata arba'in da biyu da sunan nan, in akwai jarrabawar da ba zan faɗi ba, ita ce wannan.

A nan ya kamata in yi bayani. Ban yi lakkol ba. Ina yaro aka kai ni Katsina wurin kawuna koyon ɗinki, can na yi yaƙi da jahilci da dare, can aka koya mini rubuta sunana da boko. Saboda haka da na ga gida biyu, ɗaya an rubuta Nom ɗaya Prénom, sai na zuba abin da na sani: Muhammadu Lawal a sama, Husaini a ƙasa. Na ɗauki kati, na ɗauki fuska. Ta ce in juya kai dama, na juya. Ta ce in ƙifta ido, na ƙifta, maƙwabcina mai shayi yana kallona yana tambayar ko lafiya. Abin ya yi ta zagaye, sannan ya fito da jan rubutu. Mai shayi ya yi aji shida, shi ya karanta mini: sunan da na rubuta bai dace da na kati ba, saura gwaji biyu.

Sai a ranar na kalli katina da kyau. Shekara da shekaru yana aljihuna, jandarma sun duba shi a hanyar Ɗan Isa ya fi sau ɗari, ni ban taɓa karanta shi ba. An buga MAHAMAN LAOUALI, ga kuma OUSSEINI. Wato ni Muhammadu ne a bakin Inna, amma a wurin gwamnati Mahaman ne, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, an cire masa H tun yana raye bai sani ba.

Na aika aka kira ɗan yayata, wanda ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ya zo yana taunar cingam, ya karɓi wayar da yatsa biyu. "Kawu, ai wannan ba komai ba ne, ku tsofaffi ne kuke wahalar da kanku." Ko kallon katin bai yi sosai ba, yatsunsa na gudu kamar ana binsa bashi. Ya rubuta Mahamane, da e a ƙarshe, don haka ake rubuta na abokinsa. Ya kuma ɗauki sunan babana ya sa a gidan sunana, nawa ya sa a na babana. Jan rubutu ya sake fitowa. Saura ɗaya. Yaron ya ce rezo ne. Ya tuna kuma yana da karatu.

Da mai hankali ne ni, da a nan na tsaya na kwana. Amma kuɗi na kallona ta cikin gilashi kamar nama a kabad ɗin mai tsire. Na kunna fitilar shago, na sa tabarau, na kwafe sunan harafi bayan harafi, ina faɗa mai shayi yana amsawa kamar muna biya allo. Wannan karon ban yi kuskure ko ɗaya ba, na rantse. Katin ne ya ci amanata. Ya sha zufa, ya taɓa shiga wanki cikin aljihun riga, na kai aka manne shi da leda, kuma ya karye daidai kan sunan. Ga hasken fitila yana ƙyalli a kan ledar. Na ɗauka haka nan na tura.

Manhaja ta fitar da ni waje gaba ɗaya. Na sa kod ɗina in koma, sai kalma biyu: Compte bloqué. Wannan ban nemi mai fassara ba.

Da na shiga gida uwargida na kwance da jariri, ta ce, "Malam, an turo?" Na ce an turo. "To ina suke?" Na ce suna nan lafiya, ana ajiye mana su. Inna da ke gefe tana dama kunun kanwa ta ce, "Mi ya hana a ba ka?" Na ce sun ce sunana ba nawa ba ne. Ta ajiye ludayi. "Wa ya ce? A gabana aka yanka maka rago, baƙi mai farin goshi! Su zo su tambaye ni." Na ce Inna, ba mutum ba ne, na'ura ce. Ta ce to na'urar a gidan wa aka haife ta.

Lahadi ajans ɗin masu manhajar a rufe. Litinin, ranar kasuwa, na hau kabu-kabu tun da safe na je na tarar da layi. Na ɗauka ni kaɗai ne mai wannan ciwo, ashe asibiti ne guda. Na gabana Yusufu ne da kati ya mayar Issoufou. Wata hajiya Hadiza ce a manhaja, Hadizatou a kati, ta ce ita ba ta san inda aka samo wutsiyar ba.

Da layi ya zo kaina, wata yarinya mai haƙuri ta karɓi katin, ta juyo mini da allon kwamfutarta. Ta ce, "Baba, duba nan." Layi uku ne. Na farko abin da na rubuta a gwajin ƙarshe, daidai yake. Na biyu abin da na'ura ta karanto daga hoton kati: LAOUAU. Karyewar nan ta haɗe L da I suka zama U, kuma O na sunan babana ta ɗauke shi sifili. Na uku sunan da ke kan sim ɗina a kamfanin waya: Maman Lawaly Oussein. Wannan na tuna shi sarai. Wani yaro ne a ƙarƙashin laima ya yi mini rajistar, ya tambaye ni suna da baki, ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi.

Ta yi mini bayani a hankali. Na'urar ba ta san cewa Muhammadu da Mahaman da Maman duk mutum guda ne a Maraɗi ba. Haruffa take jerawa ta gwada. In bambancin kaɗan ne tana iya wucewa, ko ta tura wa ma'aikaci ya duba da ido. In ya yi yawa, ko aka yi ta gwadawa da suna daban-daban a kan kati guda, sai ta ɗauka wani ne ya tsinci katin mutane yana lalube, ta kulle ƙofa. "Ka ga, Baba, cikin awa guda mutum uku suka zo da katinka." Na ce duk ni ne. Ta ce ta yarda, amma dokar babban banki, BCEAO, ta wajabta musu su san mai asusu da takardarsa ta hukuma, don haka abin da ke kan kati shi ne sunana, ko da kuskure aka buga shi.

Na ce to yanzu ga ni ga kati ga fuska, a buɗe. Ta ce ita ba ta da makulli. Sai na fara zuwa kamfanin waya a gyara sunan sim ya zama irin na kati, in kawo fotokopi gaba da baya wanda ake iya karantawa, ta ɗauke ni hoto riƙe da katin, ta tura dosiye Yamai. Amsa kwana biyu zuwa uku na aiki. Kuɗin ba su ɓata ba, ba kuma za su motsa ba, ko ƙanena ba zai iya janye su ba. Na ƙirga da yatsu: Talata, Laraba, Alhamis. Suna kuma Alhamis da hantsi.

Yinin Litinin ya ƙare a layin kamfanin waya. Talata na koma ajans, aka ɗauke ni hoto na riƙe kati a ƙarƙashin haɓa kamar ɓarawon da aka kama da kaya. Laraba da yamma na je wurin mai raguna da waya a hannu, na nuna masa saƙon jika tamanin. Ya karanta, ya jinjina kai, ya ce, "Malam Lawali, rago ba ya cin saƙo." Sai da na ajiye masa kan keken ɗinkina jingina ya saki igiya. Shi dai bai tambaye ni ko da e ake rubuta ni ba.

An yi suna lafiya. Tun daren Laraba na yanke shawara: ba Muhammadu, ba Abubakar, ba wani suna da za a iya lanƙwasawa gida huɗu. Na raɗa wa liman Ali. Harafi uku, ko makaho ya rubuta daidai. Ana cikin suyar kayan ciki, wajen la'asar, waya ta yi ƙara, an buɗe asusun Mahaman Laouali Ousseini. Na je na ciro kuɗi na fanso kekena.

Da safen Litinin na ɗauki takardar matarnite na tafi meri a yi wa yaro takardar haihuwa. Na ajiye katina a kan tebur, na dafa shi da yatsa, na ce sunan uba a kwafe shi daga nan, ko ɗigo kada a canja. Malamin ya ce to. Ya ɗauki biro ya ce sunan yaro fa? Na gyara zama na ce Ali.

Ya ɗago kai ya dube ni. "Da i, ko da y? Ko Alio kake nufi?"