Resho na lantarki ko butalin gas?

"Girki da lantarki ya fi gas araha da tsabta," in ji mai wani labari.

Malam, a Yamai lissafin bai fita ba. Butalin kilo 6 sefa 1800 ne a farashin hukuma. Girkin da yake yi, resho sai ya sha kilowat wajen 55. Ko a sefa 80 kowane, 4400 ke nan. Wata huɗu muka gwada resho, uwargida ta ce a maido mata butalinta, don da zafi wuta takan ɗauke, tuwo na kan talge.

Tsabta kuma, wutar Kainji da ake kawo mana daga Najeriya ta ruwa ce, na yarda. Amma in injinan tashar lantarki ta Gorou Banda da ke Yamai ne ke juyawa, mai ake ƙonawa, hayaƙin dai ba a madafarka yake ba. Aibin gas shi ne ƙarancinsa lokacin sanyi, shi ya sa nake ajiye butali biyu.