Amsa dubu takwas ba ita ce muryar Gombe ba

Duk lokacin da wata magana ta taso a Gombe, ko ta zaɓe ko ta wata doka da ake shirin kafawa, sai ka ga wani shafin Facebook ya buɗe ƙuri'ar jin ra'ayi. Kafin gari ya waye mutum dubu da yawa sun danna, washegari kuma hoton sakamakon na yawo a WhatsApp da rubutu a samansa: jama'a sun yi magana. Wanda ya nuna shakka sai a tambaye shi, kai ka fi mutum dubu takwas sani ne? Ina ganin wannan tambaya ce ya kamata mu tsaya a kanta, domin yawan waɗanda suka amsa ba ya nuna gaskiyar sakamako idan su suka kawo kansu.

Bari mu ƙaddara misali da alƙaluma masu sauƙin lissafi. A ce ana tambayar ko a hana acaba a cikin gari, kuma manya dubu 100 ne abin ya shafa. A ce a zahiri dubu 30 ke son a hana, dubu 70 ba sa so. Masu son hanin da yawansu masu mota ne, ma'aikata da 'yan kasuwa, suna da babbar waya, ba sa rasa data, kuma ransu a ɓace yake saboda gogar da aka yi wa motarsu a shataletale. A cikinsu, a ce mutum ɗaya cikin biyar ya amsa: dubu 6 ke nan. Ɗaya ɓangaren kuwa akwai ɗan acaban da ke kan hanya tun asuba, da matar da ke hawa zuwa awon ciki, da dattijon da wayarsa ta kira da amsawa ce kawai. A cikinsu mutum ɗaya cikin 35 ne ya ga tambayar har ya danna: dubu 2. An tara amsa dubu 8, kuma allo ya nuna kashi 75 cikin 100 na goyon bayan hani, alhali ainihin adadin kashi 30 ne.

Babu wanda ya yi ƙarya a nan, babu wanda ya yi maguɗi. Yanzu a bar ƙuri'ar a buɗe na ƙarin mako guda har amsoshin su ninka. Za a samu dubu 12 a nan, dubu 4 a can, kuma har yanzu kashi 75 ne. Ƙarin mutane bai rage kuskuren da ko maki ɗaya ba, domin ta ƙofar da na farko suka shigo ta nan na baya suka biyo. Abin da ya ƙaru shi ne ƙarfin gwiwar masu yaɗa sakamakon, kuma wannan ne ya fi damuna.

Mai sayen wake a Tudun Hatsi ya san wannan tun kafin a zo da intanet. Ba ya kwance bakin buhu ya auni mudu goma daga sama ya ce ya gamsu. Ƙarfe yake soka wa buhun a ƙasa, a tsakiya, a gefe, ya duba 'yan ƙwayoyin da suka zubo a tafin hannunsa. Abin da ya ɗiba kaɗan ne, amma shi ya zaɓi inda zai soka, kuma babu sashen buhun da ya tsira.

Haka masu binciken gaske suke yi. Ƙungiyar Afrobarometer, mai binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, kan yi hira da mutum kusan 1,600 ne a duk faɗin Najeriya, ido da ido. Ana fitar da unguwanni da ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a irin ta mai rabo ka ɗauka, a bi ƙa'ida wajen zaɓen gidan da za a shiga, a cikin gidan ma a zaɓi mutum ɗaya ta ƙuri'a, ana karɓa-karɓa tsakanin mace da namiji. Mai azarɓaɓin magana ba ya samun fifiko a kan mai kunya. Da irin wannan zaɓe ne kaɗai lissafin tazarar kuskure ke aiki: mutum 1,000 na ba da sakamakon da galibi ba ya kauce wa gaskiya da fiye da maki 3 sama ko ƙasa. In ka ɗora wannan lissafi a kan dubu takwas ɗinmu na acaba, zai ce maka kuskuren bai wuce kusan maki 1 ba, alhali mun gani da idonmu maki 45 ne. Lissafin yana auna kuskuren da sa'a ke jawowa, ba ya ganin wanda aka bari a waje.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, ta samo sunaye daga kundin masu tarho da masu mota da masu sayen mujallar. Fiye da miliyan 2 suka dawo da amsa, ta kuma sanar cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt da kusan kashi 57. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya samu kusan kashi 61, Landon jihohi biyu kacal ya ci. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai yi nasara daidai. Abu biyu suka kayar da mujallar: jerin sunayenta ya karkata ga masu hali, sannan masu jin haushin Roosevelt sun fi zafin mayar da takarda. Su ne dai ke aiki a wayoyinmu yau, har da ƙarin na uku, wato gangami. Saƙo ɗaya a zauren magoya baya, "ku je ku danna wa namu", ya isa ya juya sakamako cikin dare, balle mai asusu uku ko huɗu.

Wani zai ce ai ana iya gyarawa: in mata sun yi kaɗan, sai a ƙara wa amsarsu nauyi. Ana yin haka, kuma yana taimakawa, amma yana da iyaka. Matan da suka amsa a Facebook yawanci 'yan boko ne mazauna birni. Ninka muryar malamar jami'a sau biyar ba zai mayar da ita muryar mai sayar da nono daga Dukku ko manomiya a Balanga ba. Wanda bai shigo ba sam, babu abin da za a ninka masa.

Ban ce a daina irin waɗannan ƙuri'u ba. Suna nuna abin da ke cin ran mabiya shafi, kuma ɗan jarida na iya samun bakin zaren labari daga nan. Laifin yana wajen kanun labari. Kafin edita ya rubuta "mutanen Gombe sun ce", ya tambayi wa ya zaɓo masu amsar, mutum nawa aka nema suka ƙi, da wane harshe aka yi tambayar, kuma nawa ne daga cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar suka fito a ciki. In amsar ta farko ita ce "duk wanda ya ga dama", to abin da zai rubuta shi ne: kashi 75 na mabiya shafi kaza da suka danna. In kuwa majalisa ce ke son sanin ra'ayin jama'a kafin ta taɓa abincin 'yan acaba, ta ware kuɗin tura masu tambaya gida-gida, daga Pantami zuwa Jekadafari, su sami mutum 1,000 da ƙuri'a ta fitar.