Rahoton taro: wa zai yi aikin, kuma yaushe?

Duk shekara idan watan Oktoba ya ƙarato, kwamitocin kula da makarantu a Tahoua, waɗanda jama'a suka fi sani da COGES, sukan zauna kan matsalar da ba ta ƙarewa: yara sun fi azuzuwa yawa, sai an kafa rumfunan zana. A yini ana magana, sakatare ya cika shafi huɗu. Lakwal ta koma, rumfa ba ta tashi ba, a buɗe littafi a tarar an rubuta wanda ya yi addu'a, da wanda ya koka kan tsadar itace, da wanda ya ba shi amsa, amma babu sunan wanda aka ɗora wa aikin.

A ganina wannan rubutun asarar tawada ce. Rahoton taro aikinsa ya riƙe alkawari, saboda haka kowace shawara da aka yanke tana buƙatar suna ɗaya da rana ɗaya, in akwai kuɗi a faɗi adadinsu.

A ɗauki misali. Sakatare ya rubuta: "An amince za a yi ƙoƙarin gina rumfuna nan ba da jimawa ba." Kowa ya ji daɗi, don ba wanda ta kama. Ga yadda ya kamata ta fito: "Za a kafa rumfa biyu. Ma'aji zai fitar da jika talatin daga asusu ya sayo zana da itace kafin 20 ga Satumba, ya kawo rasit. Mataimakin shugaba zai tara matasa su kafa su kafin 28 ga Satumba." Kuma a karanta wannan da Hausa a gaban kowa kafin a watse, ko da littafin da Faransanci ake cika shi, ma'aji ya ce ya ji ya ɗauka. In yana da uzuri, wataƙila zai tafi girbi, a nan zai faɗa a sauya rana. Inda duk aka ga "kwamiti zai duba", a san aikin ba shi da mai shi, domin kwamiti ba ya zuwa kasuwa.

Akwai masu cewa in ba a rubuta maganar kowa ba, an raina dattawa, an kuma ɓoye saɓani. Batun saɓanin yana da nauyi. Idan an ɗaga hannu kan kuɗi, a rubuta nawa suka yarda, nawa suka ƙi, da dalilinsu a layi guda, wanda kuma ya nemi a sa sunansa a sa. Sauran musun kuwa barinsa ya fi alheri. Uwar da ta san za a rubuta cewa ita ce ta tambayi inda kuɗin bara suka shiga, sau da yawa shiru za ta yi.

Taro na gaba kuma ya fara da wannan takardar, layi bayan layi: an yi, ba a yi ba, me ya hana. Abin da ba a yi ba a sa masa sabuwar rana a nan take, a bar tsohuwar a rubuce kusa da ita, don in aiki ya sha ɗagewa sau biyu a gane lokaci ya yi da za a miƙa shi ga wani.