Wanda "ba shi da zuciya" ba mugu ba ne

Na taɓa zama a wani wuri inda wata dattijuwa take ba wata baƙuwa Baturiya labarin ɗanta, wani matashi yana yi musu tafinta. Uwar ta ce, "Yaron nan ba shi da zuciya, sa'o'insa duk sun kama sana'a, shi yana kwance a ɗaki." Sai tafintan ya ce "he is heartless". Nan take fuskar baƙuwar ta canza, ta shiga tambaya ko dukan uwar yake yi. Abin ya dame ni har yau, domin kalma ɗaya ta mayar da rago azzalumi.

Matsalar ita ce mun ɗauka zuciya da "heart" abu ɗaya ne. A jiki haka ne, tsoka ce ɗaya. A magana kuwa aikinsu ya sha bamban. Bature ya ajiye tausayi da ƙauna a zuciya, shi ya sa "heartless" ke nufin marar tausayi. Mu kuma, bayan so da tausayi, mun zuba mata fushi da kishin kai da himma. Wanda ba shi da zuciya a wurinmu shi ne wanda za a yi wa gori ya share, wanda zaman banza ba ya ci masa rai. Abin da ya kamata tafintan nan ya ce shi ne "he has no drive", ko kuma "he has no self-respect". Mutuwar zuciya ma nan ta dosa.

Juya maganar ka ga. In aka ce wane yana da zuciya, yawanci gargaɗi ake yi maka, ka bi shi a hankali, saurin fushi gare shi. Wannan "he has a temper" ne. Wanda ya ce "he has a heart" ya yabi mutumin da jinƙai, alhali ba a faɗi haka ba. "Ya yi zuciya" ta fi wuya, domin fushi ne mai haɗe da yanke shawara: an ɓata masa rai, ya tashi ya tafi, ko ya rantse ba zai ƙara roƙon kowa ba sai ya nemi nasa. In tafiya ya yi, "he left in a huff" ta isa. In zuciyar nema ce, ni ban yarda a guntule ta ba, gara a faɗe ta da jimla guda.

Zafi da sanyi ma sun sauya wuri. Zafin zuciya fushi ne, "warm-hearted" kuwa mai kirki ne. Zuciyata ta yi sanyi na nufin na samu sauƙi, "I was relieved", amma "cold-hearted" zagi ne. Karayar zuciya kuma "losing heart" ce, wato sarewa. Ba ita ce "broken heart" ta wanda masoyi ya yaudara ba, ko da yake na lura matasa sun fara rubuta "ta karya min zuciya" da waccan ma'ana ta Turanci.

Hanta ba ta da yawan aiki, amma inda ta fito, tsoro ya kai maƙura. Hantar cikina ta kaɗa. Turanci yana da tsohuwar kalma, "lily-livered", sai dai ita hali take nunawa, matsoraci, tamu kuwa firgici ne na lokaci ɗaya da zai iya samun jarumi. Wadda ta dace ita ce "my blood ran cold". Su jini ne ya yi sanyi, mu hanta ce ta motsa. Cikina ya ɗuri ruwa ya ɗan fi sauƙi, fargabar wanda ya hango asirinsa zai tonu ce, kuma "my heart sank" ko "my stomach dropped" na ɗaukarta.

Ciki kuwa, mun saba da shi har ba ma jin sa. Wa yake tuna tumbi in ya ce farin ciki? "Happiness" ce kawai, a bar ta haka. Zurfin ciki shi ne "he keeps things to himself". Inda nake so a kula shi ne baƙin ciki, don fuska biyu gare shi. "Ina baƙin ciki da rasuwarsa" alhini ne, "I am grieved". Amma da zarar "min" ko "masa" ya shigo, magana ta koma hassada. "Yana min baƙin ciki" ba ta nufin yana taya ni jimami, nufinta ba ya son ci gabana, "he resents my success". Tafintan da bai ji wannan ɗan "min" ɗin ba zai ce "he is sad for me", ya gabatar da mahassadi a matsayin mai jaje.