Sabon SSD ɗin da ya ƙi amsa sallama

Na sayo SSD, wato faifan ajiya na kwamfuta, mai 500GB, na kwance akwatin kwamfuta, na jona masa wayar SATA da ta wuta, na kunna ina washe baki kamar ango. Da na buɗe This PC, C: ne kaɗai zaune, baƙon ko tari bai yi ba. Na kashe na kunna, na hura wa waya iska, har na fara tsara maganganun da zan yaɓa wa mai shago.

Kafin in ɗauki hula sai na leƙa BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ga sunan SSD ɗin nan ɓaro-ɓaro. Ashe lafiyarsa ƙalau. Sabon faifai fayau yake fitowa daga kamfani, File Explorer kuwa ba ya nuna faifai sai an yanka masa fili, an yi masa fomat, an ba shi harafi.

Na danna Win+R na rubuta:

```
diskmgmt.msc
```

Disk Management na buɗewa, akwatin Initialize Disk ya faɗo yana tambaya: MBR ko GPT? Na zaɓi GPT. MBR tsohon tsari ne, ba ya iya amfani da abin da ya haura 2TB, kada ka zaɓe shi sai dai in tsohuwar kwamfuta ce ta tilasta maka. In akwatin bai fito ba, duba ƙasa inda aka rubuta Disk 1, Unknown, Not Initialized, ka danna dama a kan wannan sunan na gefen hagu, ka zaɓi Initialize Disk. Wanda ya danna kan dogon baƙin layin zai tarar da New Simple Volume a dushe, ya yi ta dannawa har la'asar.

Sai bayan wannan ne layin mai Unallocated zai saurare ka. Danna dama, New Simple Volume, bar girman yadda yake, zaɓi harafi, bar NTFS da Perform a quick format. Cikin daƙiƙoƙi layin ya koma shuɗi, D: ya bayyana.

Sai kuma na ga 465GB. Na sake neman hula! Amma babu wanda ya gutsura: kamfani da 1000 yake lissafi, Windows da 1024. Mai 1TB ma 931GB zai nuna.

Ban da wasa, duba girman faifan da kyau kafin ka taɓa shi. In tsohon faifai ne mai hotunan biki ya nuna Not Initialized, cire hannunka, kada ka yi masa fomat. A fara ceto kayan ciki tukuna.

In kuwa har BIOS bai gan shi ba, to matsalar ba ta Windows ba ce. Sake matse wayoyin biyu, ko ka canza rami. Wasu allunan kwamfuta ma, wato motherboard, suna kashe ramin SATA ɗaya ko biyu da zarar an sa SSD irin na M.2, littafin allon zai faɗa maka wanne.