Sai kuɗi sun shiga: ina bayan wannan sanarwa, amma da sharaɗi

Wata mai shagon atamfa da leshi a nan Gusau ta sa sanarwa a ƙofar shagonta da kuma WhatsApp: "Daga yau ba a tabbatar da oda sai kuɗi sun shiga asusunmu. Risit ko alat ba biya ba ne. A yi haƙuri." Tun daga ranar mata ke ta ƙorafi. Wata ta ce shekara nawa muna ciniki, yau ne za a ce ba a yarda da ni ba? Wata ta ce ai wannan wulaƙanci ne, kuɗi sun fara zama. Ni kuwa ina ganin Hajiya ta yi daidai, har ma ta makara. Sai dai sanarwar tata rabi ce, kuma zan zo kan ragowar rabin.

Mu fara da lissafi, don mai ƙorafi bai cika ganin abin da "a ajiye mini" ke jawowa ba. A ɗauka an zo mata da anko na biki, turmi 20. Ta sara a Kantin Kwari kan naira 15,000 kowane turmi, naira 300,000 ke nan. Dako da kuɗin mota daga Kano, ta Funtua da Tsafe har tashar Gusau, a ce 10,000. Ta kashe 310,000 daga jarinta. Ta sa kowane turmi 17,500, tana sa ran 350,000, riba 40,000. Kowa ta ce a sa da ita, ba wadda ta ba da ko sisi. Kaya suka iso, mata 13 suka biya, bakwai suka yi shiru. Wannan maigida bai ba ta ba, waccan ta fasa zuwa, wata kuma ta daina ɗaga waya. Abin da ya shigo hannu 227,500, wato ko uwar kuɗi ba ta fito ba, saura 82,500.

To turmi bakwai ɗin nan fa? Nan ne ciwon yake. Atamfar anko da an watse daga biki ta zama kwantai, domin duk unguwa an gan ta a jikin mutane, ba mai son ta ɗinka a ce ta sa ankon bikin wance. Sai an karya farashi. In ta samu ta rabu da su a 12,000 bayan wata biyu, 84,000 ke nan. A haɗa duka, 311,500. Ribar wata biyu da zirga-zirga da katin waya ta tashi naira 1,500. Kuma a tsawon wannan lokaci kuɗin da za ta juya a sarin kayan Sallah suna kwance a kan kanta. Ba wadda ta sace mata komai a cikin matan nan bakwai, kuma kowace za ta rantse ba ta cuce ta ba. Amma jarin ƙaramin ɗan kasuwa haka yake mutuwa, a hannun mutanen kirki.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, na sani. Amma mai cin bashi ya karɓi kaya, ya san akwai nauyi a wuyansa. Mai cewa a ajiye mini bai karɓi komai ba, bai ba da komai ba, don haka ba ya jin an ɗaure shi da komai. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa ko a cinikin gona ko na dabba ake ba da kafin alƙalami.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne cewa risit ba biya ba ne. "Ga shi na tura, ga risit, me kuma ake jira?" Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, tiransifa ta shiga ko'ina, har wurin mai nama da mai kayan miya. Da ita kuma alat na bogi ya yawaita. Saƙon tes da ke shigowa waya da sunan banki ana iya ƙirƙirarsa, ya faɗo cikin jerin saƙonnin bankinka na gaskiya kamar ɗan gida. Hoton risit kuwa ya fi sauƙi, tsohon risit ake ɗauka a canza adadi da kwanan wata. Wani lokaci ana gane shi: rubutun adadin ya bambanta da sauran, ko lokacin da ke jiki bai yi daidai da lokacin cinikin ba, ko ragowar kuɗin da saƙon ya nuna bai dace da abin da ka san kana da shi ba. Amma kada mai shago ya dogara da kaifin idonsa, musamman da yamma, shago cike, mai Keke Napep na jira a waje. Hanya ɗaya ce tabbatacciya. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka danna lambar bankin a wayarka, ka ga kuɗin sun ƙaru, ka ga sunan wanda ya turo a jerin shige da fice. Wayarka, ba wayar mai saye ba.

Wanda nake tausayi shi ne mai gaskiyar da kuɗinsa suka maƙale. Wannan yana faruwa kullum, kuma ya kamata mu fahimci dalili don mu daina zargin juna. In ka tura kuɗi daga wani banki zuwa wani, ba kai tsaye suke tafiya ba. Bankinka zai cire daga asusunka, ya aika saƙo ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, sannan bankin mai karɓa ya zuba a asusunsa. Risit ɗin da ka gani shaida ce ta matakin farko kawai, cewa an cire maka. In sabis ya yanke a tsakiya, ko bankin can yana da matsala, kuɗin na iya shiga bayan awanni, suna kuma iya komowa asusunka. Ka'idar Babban Bankin Najeriya ta 2018 ta ce tiransifar da ta gaza a mayar wa mai ita cikin awa 24. To ka duba matsayin mai shago: in ta saki kaya bisa risit, washegari kuɗin suka koma wa mai saye, kaya sun tafi, kuɗi sun koma, sai dai ta zauna jiran imaninsa. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 bai kamata a yi mana dogon bayani kan cewa sabis ba abin jingina ba ne.

Abin yi a nan ba faɗa ba ne. A jikin risit na tiransifa tsakanin bankuna akwai lamba mai alƙaluma 30 da ake rubuta wa Session ID. Mai saye ya tura wa mai shago cikakken risit mai ɗauke da ita, ba hoton fuskar waya da ke cewa Successful kawai ba. Da wannan lambar kowane ɓangare zai iya tuntuɓar bankinsa a bi sawun kuɗin. Kuma don Allah kada mai saye ya sake turawa karo na biyu cikin fushi, domin sau da yawa duka biyun ke shiga, a koma rigimar maido da ɗaya.

Yanzu ga inda nake da magana da Hajiya da duk masu irin wannan sanarwa. Ranar da kika ce sai an biya, ranar kika ɗauki amana. Da can ke ce ke ɗauke da haɗarin, yanzu kin mayar da shi kan mai saye, kuma shi ma yana da abin tsoro. Mutane nawa suka tura kuɗi ga masu sayar da kaya a waya, aka toshe lambarsu? Nawa aka aiko musu da abin da ba shi suka gani a hoto ba?

Addininmu bai hana a biya kafin a karɓi kaya ba, amma bai bar shi sakaka ba. A hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina suna biyan kuɗin 'ya'yan itace tun shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe, sai ya umarce su da su yi hakan a kan sanannen mudu, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Hukuncin kowane ciniki dalla-dalla na malamai ne. Abin da na ɗauka a nan shi ne wanda ya karɓi kuɗin mutum tun kafin kaya, dole ya fayyace me zai bayar, nawa, kuma yaushe.

Saboda haka tsarin ya kamata ya fara tun kafin a ba da lambar asusu. Mai saye ya nuna abin da yake so, ki duba ki tabbatar akwai shi, ba ki karɓi kuɗi sannan ki fara kiran Kano ba. Ki faɗi jimilla gaba ɗaya har da kuɗin mota, kada kaya su isa tashar Talata Mafara ko Ƙaura Namoda direba ya ce sai an ba shi nasa alhali an ce an biya komai. Ki ce na riƙe miki zuwa la'asar, in kuɗi ba su shigo ba zan sayar. Wannan ɗan wa'adin yana da muhimmanci ƙwarai, don shi ke hana a sayar da turmi ɗaya ga mutum biyu, ɗaya kuɗinta na kan hanya, ɗaya ta zo da kuɗi hannu. In risit na gaskiya ya zo da lambarsa amma kuɗi ba su bayyana ba, adalci shi ne kada kaya su fita, kada kuma a sayar wa wani, har a cika awa 24. Da sun shiga, ki rubuta mata: na ga 17,500, turmi ɗaya, kala kaza, zai hau mota ranar Laraba. Daga wannan saƙon farashi ya ɗauru. Ko kaya sun tashi a Kwari washegari, ba ruwan wadda ta riga ta biya.

Wani abu kuma da ke ba ni haushi shi ne asusu barkatai. Yau a ce tura ta na ƙanena, gobe ta na yaron shago, jibi ta na mai POS na bakin layi. Ta yaya za ki tabbatar da shigar kuɗi a asusun da ba ki gani? Ta yaya mai saye zai kare kansa in an ce ba a gani ba? Asusu ɗaya, da sunan shago ko sunanki, a rubuce a jikin sanarwar. Mai saye kuma ya karanta sunan da ya fito kafin ya danna lambar sirri, in ya ga wani suna daban ya tsaya ya kira.

Su kuma manyan oda irin na anko, ba lallai a ce sai an biya duka ba. A lissafin da na kawo, da kowace ta ba da 10,000 kafin alƙalami, da Hajiya ta tafi sari da 200,000 na masu kaya, kuma da tun a Gusau za a san su wa ke so da gaske, a saro daidai adadinsu.

Layin da na fi son in gani an ƙara a sanarwar shi ne na maido da kuɗi. In kaya suka ƙare, ko ranar da aka yi alkawari ta wuce, kuɗinki za su dawo cikin kwana biyu, cikakku, ba tare da an ce ki zaɓi wani abu a madadinsu ba. Hajiya, in kin rubuta wannan a ƙasan waccan, kin kuma cika shi sau ɗaya a gaban mutane, ina ganin yawancin masu ƙorafin nan da kansu za su riƙa turo kuɗi tun kafin ki tambaya.