Kwat Uku a Watan Afrilu

Ɗan kawuna da ke karatu a Montréal ya ishe mu da hotuna a zauren WhatsApp na dangi: kullum cikin kwat, wuya a naɗe, 'yan mata sai yabo suke zubawa. Ni kuwa ina Garwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Na ce wallahi ni ma sai na yi sanyi.

Na kai wa wani yaro mai gyaran hoto a bayan babbar kasuwa hotona na bakin Binuwai. 'Yar shara ce a jikina, da silifa, ga gorar folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara a hannu. Muka daidaita a jaka biyu.

Ya buɗe Photoshop, ya ce kowace tufa shimfiɗarta daban: suwaita a ƙasa, jaket a kanta, kwat a sama, ƙyallen wuya a ƙarshe, da 'yar inuwa a ƙarƙashin haɓa don kada ya zama kamar an manna. Nan rigima ta fara. Kwat ya fi ni faɗi, dole ya buɗa kafaɗuna, sai kaina ya koma kamar goriba a kan buhun gero.

"Yaya, da tsakar rana aka ɗauke ka," in ji shi. "Haskenka daga sama yake, na kwat ɗin nan daga hagu. Mai ido zai gane."

Na ce a danginmu babu mai ido. Duk da haka ya dusashe gefen kwat, ya rage ruwan ɗorawa, ya ƙara shuɗi har hoton ya yi sanyi-sanyi.

Safar hannu ce ta cinye mana yamma. Yatsuna na riƙe da gora, don haka sai ya yanko kowane yatsa ya lanƙwasa shi a jikinta. Da ya gama na ƙirga, shida. Ya goge ɗaya, ya ce ai kyauta ce na ƙi. Takalmi da dusar ƙanƙara kuma jaka guda ce a kai, share gumin goshi ɗari biyar. Na ce a bar su, wa ke kallon ƙafa?

Na tura bayan Isha. Ɗan kawun nawa ya rubuto: "Sannu da hunturu, a gai da darbejiyar da ke bayanka."

Goggo kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ga mutum cikin tufa uku yana zufa a Afrilu, ta ce masassara ce ta cizon sauro. Da asuba ta iso da tukunyar ganyen darbejiya tana tafasa, da bargo biyu.

"Goggo, hoto ne fa!"

"Haka babanka ke musu. Tsuguna."

Ta lulluɓe ni, ta danne bakin bargon da ƙafa, tana waya da Inna cewa an same shi da sauran ƙarfi.